Yadda Ake Sayen Shekara Guda Ba Da Niyya Ba

Idan kana so kuɗinka su riƙa fita daga banki da ƙafarsu kana barci, ga hanyar da wani mai sayar da shadda a Kantin Kwari ya bi, ta kuma yi masa aiki sosai. Mutum ne da zai warware turmi ya ɗaga shi a rana, ya murza, ya yi awa guda yana ja-in-ja a kan naira 500. Amma da aka kawo masa takarda mai shafi shida ta hayar sola, bai kai minti biyu a kanta ba.

Da farko, zaɓi lokacin da shago ya cika. Sai wakilin kamfani ya shigo, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da na gaya maka ne a ciki, shekara ɗaya ce, naira 30,000 a wata. Sa hannu nan da nan kawai." Kai kuma ka ce, "Kawo, ɗan samari, ai an zama ɗaya." Kada ka kuskura ka ɗauko tabarau. Manyan baƙaƙen shafin farko sun ishe ka. Ƙananan na shafi na biyar an yi su ne don lauyoyi da marasa aikin yi. Takarda ta biyu da zai miƙo, wadda ke ba banki izinin cire kuɗi duk wata, ita ma sa mata hannu, kada ta ji an nuna mata bambanci.

A shafi na biyar ɗin nan kuwa akwai layi uku. Sun ce idan shekara ta cika, yarjejeniya za ta sabunta kanta zuwa wata shekarar, sai fa in ka rubuta wa hedikwata takardar janyewa kwana 60 kafin cikar wa'adi. Sun ce kamfani na iya ƙara kuɗi har kashi 20 cikin ɗari. Sun kuma ce wanda ya fita a tsakiya zai biya watannin da suka rage. Mutumin namu ya sa hannu ranar 1 ga Maris, don haka ƙofar fita ta rufe tun ƙarshen Disamba, lokacin yana fama da cinikin bukukuwa. Shi a lissafinsa Fabrairu ce ƙarshe, har ya sayi tasa solar ya kafa.

Mataki na gaba shi ne ka sanar da su ta baki. Kira yaron nan a waya ka ce, "Ku zo ku kwashe kayanku." Zai ce, "To, Alhaji, an gama." Ba a gama komai ba, domin akwai wani layin da ya ce abin da ke rubuce shi ne kaɗai yarjejeniya, maganar wakili ba ta shiga lissafi. Watakila ma yaron ya daɗe da barin aikin. Ranar 1 ga Maris waya za ta yi ƙara, ka ga an cire naira 36,000. Sau goma sha biyu, naira 432,000 ke nan, kuɗin wutar da ba ka bukata.

Daga nan ka tafi ofishinsu da kumfar baki ka ce ba ka karanta ba. Wannan hujja ce mai tarihi. A 1934 wata mai gidan shayi a Birtaniya, L'Estrange, ta sayi injin sayar da sigari da ya ƙi aiki, ta ce ba ta karanta ƙananan rubutun ba. Kotu ta ce wanda ya sa hannu ya ɗaure kansa, ya karanta ko bai karanta ba, muddin ba yaudararsa aka yi ba. Kotunan Najeriya ma a kan wannan ƙa'ida suke. Kana iya zuwa banki ka soke izinin cire kuɗi, za su soke, amma famfo kawai ka rufe: bashin yana nan yana taruwa.

Abin da ya ɗan ceci mutumin namu abin kunya ne ga mai bin wannan hanya. Ya sa ɗansa ya karanta masa takardar duka. Ya rubuta takardar janyewa, ya kai da kansa, ya sa aka buga hatimi da kwanan wata a kwafinsa. Ya ambaci hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, mai karɓar koke kan sharuɗɗan da suka zama zalunci. Manaja ya sauko, aka daidaita a kan kuɗin wata uku, naira 108,000, suka kwashe kayansu.

Kai da takardarka ke cikin durowa ƙarƙashin rasitai, bar ta a can, kada ka dame ta. Kamfanin ya san ranar, kuma ba zai kira ya tuna maka ba.