Yadi 440 tsakaninmu da Bature

Mu Kanawa, a yadda muke yi wa baƙo kwatancen gida ma za ka gane cewa gari uku muke zaune a ciki. Idan gidan a cikin birni yake, sai mu ce masa ya sauka a bakin masallaci, ya shiga lungu na biyu, ya wuce mai ƙosai, sannan ya tambayi kowane yaro gidan su wane. Idan a Sabon Gari ne, sunan titi da lamba sun wadatar. Idan kuwa Nasarawa ce, sai mu ce ya bi dogon titin nan mai bishiyoyi har ya ga baƙin get, ya ƙwanƙwasa wa maigadi, don ba zai sami kowa a waje da zai tambaya ba. Mun saba da wannan har muna ganin kamar haka Kano ta tashi, alhali biyu daga cikin ukun nan a kan takarda aka fara zana su, da ma'auni.

Turawa sun ci Kano a 1903, amma ba su zauna a cikin ganuwa ba. Sun kafa barikinsu daga gabas, wajen Nasarawa da Bompai. Da layin dogo ya iso a 1911, sai ga akawu da masu aikin jirgi da 'yan kasuwa daga Legas da ƙasar Yarbawa, har da mutanen Saliyo da ƙasar da yanzu ake kira Gana. Hukuma ba ta so su shiga birni su cuɗanya da talakawan Sarki, ba ta kuma so su raɓi Bature. Sai aka yanka musu Sabon Gari wajajen 1913, a arewa maso gabashin ganuwa. Kwarori aka ba su nasu gefen kusa da Fagge da tasha, inda Kantin Kwari yake a yau. A 1917 Lugga ya fitar da dokar garuruwa wadda ta mayar da wannan rabo ƙa'ida a faɗin Nijeriya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin ƙa'idar shi ne tazarar da ta gindaya. Dole a bar fili fetal mai faɗin yadi 440, wato kimanin mita 400, tsakanin unguwar Turawa da duk inda baƙar fata ke kwana, kuma ba a yarda a yi gini a cikinsa ba. Hujjarsu sauro ce. A 1897 wani likitan Ingila, Ronald Ross, ya tabbatar a Indiya cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Daga nan likitocin mulkin mallaka suka yanke cewa jinin 'yan ƙasa, musamman yara ƙanana, shi ne matattarar cutar, don haka a nisanta Bature da su gwargwadon abin da suke zato sauro ba zai iya tashi ya ƙetare ba. Suka haɗa da tsoron gobara da ƙarar ganguna da dare.

To, jama'a, ku duba inda hujjar ta yoye. Sauron da ke kawo zazzaɓi yana iya wuce kilomita guda, balle idan iska ta taimaka masa, kuma a kowane ruwa da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, ko da a bayan gidan Razdan ne. Sannan Baturen da aka ce ana kārewa daga jininmu bai iya kwana ba tare da kuku da boyi da mai kula da doki ba, kuma duk a ɗakunan bayan gidansa suke barci, taku kaɗan daga gadonsa. Abin da ya rage musu mutuwa da gaske shi ne kwinin da gidan sauro da cike ramuka da yashe magudanai. Da an yi irin wannan aiki a kan kududdufan cikin birni, da yaran da aka ɗora wa laifi sun amfana su ma. Ba a yi haka ba. Filin da aka bari kuwa bai zauna a banza ba, shi ya zama wajen sukuwa da wasan folo da na golf, shi ya sa har yau a Kano da Kaduna da Zariya za ka tarar da irin waɗannan filaye manne da tsohuwar unguwar Turawa. Faransawa ma haka suka yi a Yamai, inda kwarin Gunti Yena ya raba unguwar Filato da garin 'yan ƙasa.

Girman fuloti shi ne ɗayan abin da muka gada muna ta amfani da shi ba tare da tambaya ba. Gidan Bature ɗaya ana yanka masa fili mai zurfin yadi ɗari, faɗinsa kuma daga saba'in zuwa ɗari, gida a tsakiya, iska ta ko'ina. A unguwannin baƙi kuwa ƙafa 50 ne a 100, a jere reras kan tituna miƙaƙƙu masu gicciyen juna. Idan ka yi lissafi, fuloti goma sha biyu ko fiye na Sabon Gari za su shige cikin gidan Bature guda. Miƙewar titunan ma da dalilinta: ta sauƙaƙa ƙidayar gidaje da karɓar haraji, ta ba dubagari da ɗan sanda damar hango layi daga farko har ƙarshe, 'yar siririyar hanyar da ake bari a bayan gidaje kuma ta masu kwasar bahaya ce da dare. Yau idan ɗayanmu ya je sayen fili a bayan gari, abin da zai fara tambayar dillali shi ne, "Malam, hamsin a ɗari ne cikakke?"

Lungunan birni da muke ƙorafi a kansu duk lokacin da motar kashe gobara ta kasa shiga, su ba zane ne ya haife su ba. Gida ne ke tsaga gida idan iyali sun yi yawa, zaure na fuskantar hanya don kare mutuncin cikin gida, katanga na ba katanga inuwa a lokacin bazara. Turawa sun bar su yadda suke saboda sun bar birni a hannun Sarki da En'e, amma hakan ya sa ruwa da magudanai da tituna masu kyau suka fara sauka a can gabas. Har asibiti biyu aka yi, na Nasarawa don Turawa, na cikin birni don sauran jama'a.

Mafi tsadar gadon kuwa shi ne nisan da aka sa tsakaninmu da mutanen Sabon Gari. Har zuwa 1940 ba sa ƙarƙashin Sarkin Kano, majistaren Turawa ne ke mulkinsu, kotunsu daban, makarantunsu na mishan daban. Yaro ya tashi a Jakara, wani ya tashi a titin France, tafiyar ƙafa ce tsakaninsu, amma ba su haɗu a aji ko a dandali ba sai a kasuwa wajen ciniki. Lokacin da rikicin siyasa ya ɓarke a watan Mayun 1953, a kan iyakar Fagge da Sabon Gari aka yi ta gwabzawa, kowane ɓangare ya san daidai inda ɗan'uwansa yake kwana. Har yanzu da yawanmu muna shiga Sabon Gari da rana mu sayi kayan gyaran mota ko magani ko littattafan yara, muna da abokin ciniki na shekara ashirin a can, amma ba mu taɓa zuwa sunan ɗansa ba, shi ma bai san hanyar zaurenmu ba.