Fanka Ta Samu Sa Hannu, Taki Yana Kintampo

Alhajinmu dillalin taki da hatsi ne a kasuwar Aboabo, nan Tamale, ni kuma akawunsa. Karatunsa na takarda tsakanin ƙofar sito da ƙofar mota yake yin sa. Da damina ta kankama ya ce, "Malam, rubuto mini buƙatun da ke jira."

Na zage na cika shafi uku. Na fara da gaisuwa da addu'a, sannan na jero buƙatu yadda suka iso. Ta farko fankar ofis ce da ta lalace tun bazara. Motar takinmu da ta mutu a Kintampo, ɗauke da buhu 300, ta faɗa shafi na uku saboda jiya-jiya labarinta ya zo. Alhaji ya karanta layi biyu, ya ce a sayi fanka, ya ja mota. Muka wuni muna shan iska, direba yana can bakin titi yana gadin taki, manoman Savelugu suna kirana kamar na ci musu bashi.

Hajiya mai riƙe da kuɗi ta ce, "Ɗana, Alhaji ba tarihi yake nema ba. Abin da zai yi asara in an kwana, shi ke hawa sama. Ka taƙaita."

Na taƙaita kuwa. Na tura masa ta waya: "Yendi, 40, gobe." Nufina buhu 40 na masara da wani abokin ciniki yake nema bashi. Alhaji ya ɗauka kuɗin motata zuwa Yendi nake roƙo, ya turo mini sidi 40 ta MoMo, har da addu'ar a sauka lafiya.

Daga nan Hajiya ta zaunar da ni. Kowane layi, in ji ta, sai ya faɗi abu huɗu: mene ne, a hannun wa ya maƙale, yaushe lokacinsa zai wuce, me ake so Alhaji ya yi. Ta hana ni rubuta "ana kan aiki", wai ko mai barci yana iya faɗin haka. Abin da ba ya buƙatar hukuncinsa kuma a dunƙule shi a layi ɗaya a ƙasa. Na rubuta:

1. Motar Kintampo: makanike yana jiran sidi 2,500. In ba a biya yau ba, taki ba zai iso kafin Juma'a ba. A biya?
2. Yendi: buhu 40 na masara, bashin wata ɗaya, yana son amsa gobe. A ba shi?
3. Sauran buƙatu biyar suna hannuna.

Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta shigo: "1, e. 2, a'a. Sidi 40 ɗina kuma, tunda ba ka je Yendi ba, Hajiya ta cire a albashi."