Tayar Da Ta Koma Ajingi, Babur Ya Nufi Gaya

Wani saurayi ya ɗauki bidiyon ɗan acaɓa ya taso daga Ajingi zai tafi Gaya. Da aka kalla a waya, babur na sheƙa gudu gaba, tayarsa kuwa tana juyawa baya, sai ka ce ta manta kuɗin cefane a gida.

Ba aljanu ba ne. Kyamarar wayar hotuna 30 take ɗauka a daƙiƙa, abin da ya faru a tsakaninsu kuwa ba ta gani. A ɗaura jan ƙyalle a tayar. Idan tana juyi 27 a daƙiƙa, kafin hoto na gaba ƙyallen ya ci kashi tara cikin goma na zagaye. Ido kuwa gajeriyar hanya yake bi, sai ya ɗauka ƙyallen ya ja baya da kashi ɗaya. Sakamakon shi ne juyi 3 a daƙiƙa, da baya.

In ta kai juyi 30 cif, sai a ga taya a tsaye ƙyam, babur na tafiya.

Ƙa'idar da ke ɗauke da sunayen Nyquist da Shannon ta ce yawan hotuna ya haura ninki biyu na yawan juyi. Hotuna 30 ba sa faɗin gaskiya sai juyin ya gaza 15. Mai juyi 27 kuwa sai kyamarar da ta wuce hotuna 54 a daƙiƙa.