Gabas ta Koma Yamma

A bakin Bahaushe alƙibla da gabas abu ɗaya ne. A Kano maganar ba ta yi nisa da gaskiya ba: ka fuskanci gabas, ka karkata hagu kamar digiri 22, ka dace. Matsalar ita ce mun ɗauka gabas ɗin nan tana bin mu duk inda muka je.

Daren da muka sauka otal a Guangzhou, ni da Alhaji, baban wani abokina, ɗan kasuwa, wayoyinmu duk sun mutu. Muka duba silin, babu kibiyar da ake mannawa. Muka jawo durowa, sai takardar farashin wanki. Gari na wayewa Alhaji ya leƙa taga, ya ga inda rana ta ɓullo, ya ce, "Yaro, ga gabas nan, shimfiɗa darduma."

Kwana biyu muna sallah cikin natsuwa, Ka'aba na kallon ƙeyarmu.

Wani ɗan Agadas ne ya gan mu, ya riƙe baki. Ai Makka tana yamma da Sin! A can mafaɗar rana ake fuskanta, a ɗan karkata dama kamar digiri 15 daga yamma sak. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya kuskure, sallar da lokacinta bai fita ba ita ake so ya sake.

Alhaji ya juya darduma yana ƙunƙuni. "Ni dai da girmana, a ce na koma gida na faɗa wa Hajiya na yi sallah yamma?"