Sannu da Aiki, Gwanin Jabu

A ajiye hoton galan biyu na baƙin mai, lita 4, 20W-50, ɗaya na kamfani ɗaya naka, sai mutum ya sara maka. Kai ka san darajar lokaci, shi ya sa ba ka ɓata shi a kan ƙananan abubuwa.

Dubi murfi. Kamfani ya wahalar da kansa ya haɗa murfi da zoben ƙasansa da 'yan siraran haƙora, waɗanda sai sun karye galan zai buɗu. Kai kuwa, don tausayin hannun bakanike, zobenka yana tasowa tare da murfin salin-alin, ko kuma a ga busasshen gam a inda haƙoran suka taɓa karyewa. Takardar azurfar da inji ke mannewa da zafi a bakin galan, taka gefenta a tattare, mai yana tsatsowa. Ai kyauta ce, a ɗanɗana kafin a saya.

Takardar suna ma ka 'yanta ta. Tasu tana zaune daram cikin gurbin da aka yi mata a jikin roba, taka ta karkace, kusurwa ɗaya ta hau kan gurbin, iska ta kumbura a ƙarƙashinta. Galan goma, zama goma, kowa da halinsa. Layin da ɓari biyu na robar suka haɗu kuwa, su sun aske shi sumul, kai ka bar masa geza mai kaifi har cikin mariƙi, don kada ya suɓuce.

Babbar hikimar tana siririn layin gefe da ake hango mai ta cikinsa. Injin kamfani bai da tunani, galan ɗari iyakar mai ɗaya. Mazurarinka kuwa yana da adalci irin nasa: wannan ya kai wuya, wancan ya gaza da yatsa biyu. Lita 4 ta kai wajen kilo 3.5 ban da roba, amma wa zai zo kasuwa da sikeli?

Da ka gane ana lura, sai ka koma sayen galan na asali da aka juye a gareji. Roba ta gaske, takarda ta gaske, hoto ya rasa abin faɗi sai ɗan tabon murfi da iyakar mai. Cikinsa kuwa tsohon mai ne da aka tace, ko ɗanyen da ba a zuba masa sinadaran hana gugar ƙarfe ba.

Ɗan sahun da ke biyan balas kullum shi ke biyan wannan basira. Mai ya tsinke da zafi, ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya buga, mai babur ya karɓe makulli. Ribarka ta galan ɗaya ita ce abincin gidansa na wata, kuma za ka maimaita wannan lissafi a gaban Allah.