Buhu takwas, lissafi biyu

Na san za ku ce, "Malam, buhu ai buhu ne, wane boko za ka kawo mana a kan gero?" To ku gyara zama, 'yan sarin Dambatta da Makoɗa, masu cewa littafinku yana ka.

Mu ƙaddara kai da ƙaninka kun haɗa jari. Da kaka kun sari gero buhu 10 a kan naira 40,000 kowanne. Da bazara kaya ya yi tsada, kuka ƙaro 10 a kan 60,000. Jimla miliyan ɗaya. Kuka kai buhu 12 Dawanau aka saya a 65,000, kuka dawo da 780,000. Saura takwas a sito. Nawa za a rubuta a gabansu?

Ka yi shiru ko? Ina kan naka ya tafi?

Idan aka ce wanda ya fara shiga shi ke fara fita, to na kaka goman nan sun tafi, da biyu daga na bazara. Takwas ɗin da suka rage 'yan 60,000 ne, takarda ta nuna 480,000, riba kuma 260,000. Idan kuwa aka cakuɗa kuɗin aka raba wa buhu 20, kowanne ya tashi a 50,000. Sai takwas ɗin su koma 400,000, riba ta sauko 180,000. Ɓera bai ci ba, yaron shago bai ɗiba ba, amma 80,000 ta yi ɓatan dabo.

"Ashe ɗaya maƙaryaci ne!" A'a, Alhaji, sauke sandar. Kuɗin aljihunka bai motsa ba. Wancan lissafin ya ba ka 80,000 ɗin a ribar yau, wannan ya ajiye maka ita sai ranar da takwas ɗin suka fita. Da kasuwa faɗuwa ta yi, da labarin ya juye. Kuma kada ka ce ai na bakin ƙofa kuka fara lodawa. Takarda ba ruwanta da buhun da ɗan dako ya fara saɓawa.

In aka miƙo maka takardar kaya kana son gane wanne aka bi, raba jimlar da yawan buhunan. Ta ba ka farashin sarin ƙarshe, lissafin farko ne. Ta faɗa tsakiya, na biyu.

Yanzu ga ƙanin naka zai yi aure, ya ce a raba riba. Rabonsa 130,000 ne ko 90,000? Bara da wanne kuka raba? Au, ba ku rubuta ba, yana ka? To Allah Ya ba da haƙuri, ga shi can tafe da kawunku.