Zuwa Ga Makarantar 'Yata, Kan Maganar Kalabar Nan

Ina gaida Hajiya Shugaba da malamai, da Baba Maigadi, da ita Malamar Ladabtarwa wadda Allah Ya hore wa idon gane kitso ta cikin hijabi.

Takardarku ta iso. An ce ranar Litinin an ɗaga hijabin 'yata a layin asambuli, an tarar da kalaba, alhali tun ranar Juma'a aka sanar cewa kitson mako shuku ne. An ce in biya tara, in kuma yi bayani a rubuce. Tarar tana cikin ambulan. Bayanin ne zai ɗan yi tsawo, sai a gyara zama.

Dokarku ta ce kowane mako sabon kitso. Wannan makon shuku, na gaba duk-baya, na bayansa wani fasalin da ko makitsiyar unguwarmu sai ta tambaya. Ma'anar wannan a gidana ita ce kowace Asabar a yi tsifa, a wanke, a taje, ranar Lahadi a durƙusar da yarinya gaban makitsiya. A zangon karatu mai mako 13 an tsefe kan nan sau 13 ke nan, an ja shi sau 13. Gashin mutum kuwa abin da yake ƙarawa a wata guda bai wuce kamar santimita 1 ba, irin namu ma yakan ɗan gaza haka. Sai Malamin Lissafi ya taimaka mana: wa zai riga wani, tsiro ko karyewa?

Gashinmu a murɗe yake fitowa, kuma kowace lanƙwasa a jikin silin gashi wuri ne mai rauni. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya bin lanƙwasar nan ya kai ƙarshen sili, shi ya sa bakin gashin kullum a bushe yake, balle hunturu ya shigo. Duk lokacin da mataji ya bi ta cikinsa a bushe, wani abu sai ya karye. Uwa tana iya ganewa da idonta. A duba abin da ya zuba a zani bayan tsifa. Silin da ya faɗo don kwanansa ya ƙare dogo ne, da ɗan farin ƙullutu a gindinsa, kuma wannan ba abin tsoro ba ne, kowa yana zubar da 50 zuwa 100 a rana. Guntaye marasa ƙullutu su ne karyayyu. Zanin 'yata guntaye ne suka cika shi.

Wannan ma da sauƙi, domin abin da ya karye yana sake tsawo. Abin da ya hana ni barci shi ne goshinta. Shuku yana tattara gashi duka ya ja shi sama zuwa tsakar ka, nauyin jan kuma a kan 'yan siraran gashin goshi da na gefen kunne yake sauka. Makitsiya ta san ranar Litinin za a duba, ta san in kitso ya yi sako-sako sunanta ne zai ɓaci, sai ta ɗaure shi tamau har da gashin da bai isa kamu ba. Yarinya ta dawo gida girarta a ɗage kamar wadda aka faɗa wa kuɗin makarantar zango mai zuwa. Daren nan ba ta iya sa kai a matashi. Kwana biyu sai ƙananan ƙuraje su jeru a bakin kitson. Mu iyaye mukan ce ai kitso sai da zafi, zai saki. Abin da ke saki ɗin saiwar gashi ce.

Da na ga gefen goshin ya fara haske, na kai ta wajen likitan fata. Ya nuna mini wata alama da ban taɓa lura da ita ba: wasu 'yan gajerun gashi sun rage a jere a can bakin goshi, waɗanda kitso bai iya kamawa ba, bayansu kuma fili. Ya ce wannan zubar gashin da ja ke haddasawa ce, ba makero ba. Makero yakan fito da'ira-da'ira da garin ƙaiƙayi, yana yaɗuwa ta mataji, kuma sai an sha magani yake tafiya. Wannan kuwa maganinsa a daina ja. In an daina da wuri, gashin zai dawo cikin watanni. In aka ci gaba shekara da shekaru, saiwar takan mutu, wurin ya zama tabo, daga nan ko an juye tulun man kaɗanya ba abin da zai tsiro. Ba 'yata kaɗai ba ce. A wani binciken da likitocin fata suka yi kan 'yan makaranta a Cape Town ta Afirka ta Kudu, wanda aka buga a 2007, an samu irin wannan zubar a kan kusan 'yan mata 17 cikin 100. Ku da kuke ɗaga hijabi duk mako, kun fi ni damar ƙirgawa.

To ga abin da ke kan 'yata yanzu. Kalaba ce manya-manya, da gashinta na Allah, ba a ƙara na kanti ba, domin nauyinsa ma ja ne. An bar gashin goshi bai shiga kamu ba. Ma'aunina ɗaya ne: in an gama ta iya ɗaga gira ta sunkuyar da kai ba ta ce wash ba, ya yi, in ta ce, a warware nan take. Kitson yana zama mako uku zuwa huɗu, ba ya wuce nan, domin in ya daɗe gindinsa yakan cuɗe da datti, wajen tsifa a yi asarar da ake gudu. Kafin a tsefe sai an jiƙa shi da ruwa da mai, a bi da yatsa tukuna, sannan babban mataji, daga ƙarshe zuwa gindi.

Na san abin da kuke tsoro, kuma ban raina shi ba. Kuna gudun ƙazanta da kwarkwata, kuna gudun 'ya'yan masu hali su mai da aji wurin gasar ado. Ni ma ba zan yi kitso da kwarkwata ba. Ana wanke kan nan duk mako da kitson a jikinsa, a bar shi ya bushe sarai kafin a sa hijabi, don danshi ne ke kawo wari. Maganar gasar ado kuwa, har yanzu ina neman wanda zai gaya mini yadda ake gasa da abin da ke rufe tun daga ƙofar gida har a tashi. Duk makarantar nan mutum ɗaya ce take ganin kitson, ita ce mai rubuta tara.

Roƙona bai da yawa. A ci gaba da duba kai, amma a ɗaki, ba a layi gaban jama'a ba, kuma tsafta za a duba, ba fasali ba. In dole sai an sanar da kitso, a mai da shi na wata-wata, a cire shuku daga jerin na ƙananan yara. Malama kuma in ta ɗaga hijabi ta ga ƙuraje a bakin goshi, ta aiko wa uwar da takarda. Irin wannan takardar da godiya za mu karɓe ta.

Takardar likita tana haɗe da wannan. Kalabar tana nan har ƙarshen wata, don haka in akwai tarar makonnin da suka rage, a haɗa mini lissafin gaba ɗaya, a kuma ba ni rasit.

Taku,
Maman wata 'yar aji huɗu